Harafin da Ya Kori Malamina

Ina aji na huɗu a sakandare, a Garwa, malamin Ingilishinmu ya sa ni na durƙusa a gaban allo saboda harafi ɗaya. Ya ba mu aikin gida mu rubuta wasiƙar neman bayani daga ofis. Yayana yana kai shanu Najeriya, kuma ya taɓa kawo mini wani tsohon littafin Ingilishi daga can. A ciki na ga an rubuta "I need some information", sai na kwafa yadda na gani. Malamin ya zagaye kalmar da jan biro, ya ƙara mata "s", ya ɗaga takardar sama.

"Bayani ɗaya kike nema ko da yawa?" ya tambaye ni da Faransanci.

"Da yawa, Malam."

"To ina jam'in?"

Na ce a littafi haka yake. Ya yi dariya, ya juya ga aji ya ce su dubi 'yar mahauta, ta baro tsire da kayan ciki ta zo za ta gyara masa Ingilishi. Yawancin 'yan ajin Fulani ne, mu Hausawa ba mu fi biyar ba, kuma kowa ya san babana yana da teburin nama a kasuwa. Wata yarinya ta toshe hanci, aji ya kwashe da dariya. Na yi awa guda a kan gwiwa. Daga ranar na riƙa sa "s" ɗin kamar kowa.

A jami'a, a Yawunde, na gane ni ce mai gaskiya. Wata malama daga yankin ƙasarmu da ake magana da Ingilishi ta dawo mini da takardata ta farko jajir. Ta ce wannan ciwon duk wanda ya tashi da Faransanci yana da shi, domin a can ana cewa "des informations", "des conseils", sai mu ɗauko jam'in mu ɗora wa Ingilishi. Ni kuma nawa biyu ne, don Hausa ma tana ƙirga su: shawara, shawarwari, bayani, bayanai. Na fita daga ofishinta ina tuna simintin ajin nan da na durƙusa a kai.

Da na gama na dawo gida unguwarmu Jambutu a Garwa, na sami aiki a wata makaranta mai zaman kanta. Ranar farko da na shiga ɗakin malamai, sai ga tsohon malamin nan nawa zaune kusa da taga yana shan shayi. Ya yi ritaya daga gwamnati, an ɗauko shi nan ya shugabanci sashen Ingilishi. Gemunsa ya yi fari, yana ɗingishi kaɗan. Ya gane ni, ya yi murna, ya riƙa nuna ni ga mutane yana cewa, "Wannan 'yata ce, ni na koya mata." Na rusuna na gaishe shi yadda ya kamata. Shi ke da ajin masu jarrabawar ƙarshe, ni aka ba ni ƙananan azuzuwa.

A shekarata ta biyu aka ce sufeto za ta zo bikin harsuna biyu, Faransanci da Ingilishi, da makarantu ke yi kowace shekara. Malam ya rubuta nasihohi goma ga ɗalibai, yana so a buga su a babban ƙyalle a rataya a filin taro. Da yake ni ke da kwamfuta, ya miƙo mini takardar.

"'Yata, ki buga mini wannan. In kin ga wani kuskure na hannu ki gyara, idona ya fara gajiya."

Kan rubutun shi ne "Ten Advices For Success". Na uku ya ce "Look for many informations". Na shida ya ce "Do your homeworks". Na takwas kuwa "Respect the school furnitures and equipments".

Na zauna da takardar a tsakar gida bayan la'asar, innata tana tankaɗe a gefe. Gyaran ba zai fi minti biyu ba. Na buga komai yadda ya rubuta, ban canza ko ɗigo ba. Da na je wurin mai buga ƙyalle ya tambaye ni kalar kan rubutun, na ce ja, na kuma ce ya ƙara masa girma.

Ranar bikin an jera bencuna ƙarƙashin itatuwan darbejiya, zafin Garwa ya riga ya sauko tun hantsi. Ɗalibai sun cika fili, iyaye na gefe, daraktan makarantar yana ta goge gumi cikin kwat. Sufeton mace ce gajera, mai tabarau, 'yar yankin masu Ingilishi. Tun da ta zauna idonta ke kan ƙyallen. Aka yi waƙa, aka yi wasan kwaikwayo. Da aka ba ta makirfo ba ta yi godiya ba ma.

"Wa ya rubuta wancan?"

Malam ya miƙe yana murmushi, ya gyara hula. Wasu ɗalibai har sun fara tafi.

"Shekara nawa kana koyar da Ingilishi?"

Ya ce sun haura talatin.

"Shekara talatin kana raba wa yara wannan." Ta faɗa da Ingilishi, sannan ta maimaita da Faransanci don iyaye su ji. Ta dubi layinmu na malamai. "Akwai wanda zai iya gaya mini abin da ke damun ƙyallen nan?"

Sauran malaman Ingilishi biyu suka sunkuyar da kai. Da na yi shiru ni ma, da ta faɗi abin da za ta faɗa an wuce. Na ɗaga hannu.

Aka jawo allo mai ƙafa. Na ɗauki alli. Na ce wa ɗalibai akwai kalmomin da Ingilishi ke ɗauka kamar ruwa ko gari: ba a cewa gari uku, sai dai mudu uku na gari. Haka "advice" take, haka "information", "homework", "furniture", "equipment", "luggage". Ba sa karɓar "s". Ba a sa musu "a" ko "an". Lamba ba ta zama a gabansu kai tsaye, "many" ma ba ta zama, sai "much" ko "some" ko "a lot of". In dole sai an ƙirga, a nemo mudun: "ten pieces of advice". Na ce in suna duba rubutunsu su tsaya a kan duk kalmar da suka san jam'i ce a Faransanci, su buɗe ƙamus, in sun ga harafin U a gefenta to ba a ƙirga ta. Na ƙara da cewa su kula da "news": nata "s" ɗin da shi aka haife ta, amma ana cewa "the news is good".

Iyakar darasin ke nan, kuma daidai ne. Amma ban ajiye allin ba. Na ce su taya ni nemo kurakuran da ke jikin ƙyallen, mu ƙirga tare. Suka ɗauka da murya ɗaya. Ɗaya. Biyu. A na uku an fara dariya. Da muka kai biyar, na juya na ce da Faransanci, "Kun gani, kuskure kam ana ƙirga shi."

Fili ya ɗauka da dariya. Har darakta sai da ya rufe baki da hannu. Malam yana tsaye har lokacin, don ba wanda ya ce ya zauna. Murmushin bai gama barin fuskarsa ba, kamar ya manta da shi a can. Matarsa tana cikin iyaye, na ga ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Bayan kwana biyu ya same ni ni kaɗai a ɗakin malamai, yana rungume da wani ƙaton ƙamus mai yagaggen bango. Ya buɗe inda ya sa tsinke, ya ɗora yatsa.

"Duba nan. Akwai 'advices'. Ga shi a rubuce."

Na duba. Akwai ɗin. Na nuna masa ƙaramin rubutun da ke gefe: tsohuwar kalmar 'yan kasuwa ce, takardun sanarwa da ake aikawa game da kaya. Na ce, "Malam, sai dai in ɗaliban naka buhuna ne."

Ya rufe littafin a hankali. Ya ɗago ya dube ni.

"Ke kika buga shi," ya ce da Hausa. Bai taɓa yi mini Hausa ba sai ranar. "Kin gani?"

"Na gani."

"Na ce ki gyara."

"Ka ce kuskuren hannu."

"Me na yi miki, 'yata?"

Na gaya masa. Aji na huɗu, wasiƙar, jan biro, 'yar mahauta, awa guda a kan gwiwa. Na fi shekara goma ina shirya waɗannan kalmomi. Ya saurara har ƙarshe yana ƙifta ido, na ga yana nema a ransa da gaske. Sannan ya girgiza kai.

"Wallahi ban tuna ba."

Ya ɗauki ƙamus ɗinsa ya fita.

Kafin hutu darakta ya musanya mu: ni na karɓi masu jarrabawa da shugabancin sashe, shi ya koma 'yan aji ɗaya. Ɗalibai kuma suka samo abin yi. Duk inda ya gifta, a baranda ko bakin famfo, sai ka ji "sssss" yana tashi a bayansa, siriri, ba ka ganin bakin da ke yi. In ya juya sai a yi tsit. In ya ci gaba da ɗingishinsa sai a ɗora. Har masu babur da ke jiran fasinja a ƙofar makaranta suka koya, ba tare da sun san ma'anarsa ba. Sau da yawa ina tsaye a ƙofar ajina ana yi. Kalma ɗaya daga bakina ta isa ta kashe sautin a wancan lokacin, don ɗalibai suna tsorona. Nakan koma ciki in goge allo.

Ya daina rubutu a allo. Wata uwa ta zo ta nemi a cire ɗanta daga ajinsa. Ya daina zama da mu lokacin shayi, yakan zauna a ajin da ba kowa, ya kulle ƙofa.

A ƙarshen shekara ya ce zai koma garinsu, Colire. Aka yi masa 'yar walima a filin nan, da lemo da gasasshen nama. Naman daga teburin babana aka saya, ni na yi cinikin. Aka ba shi makirfo. Ya gode wa darakta da Faransanci, ya gode wa iyaye da Fulatanci, ya roƙi gafarar duk wanda ya ɓata wa. Bai furta kalmar Ingilishi ko ɗaya ba. Yana cikin addu'ar rufewa sautin "sssss" ɗin ya taso daga bencin baya, ya bi layi-layi har ya iso gaba. Ya dakata, ya jira su gaji. Ba su gaji ba. Sai ya miƙa wa darakta makirfon, ya bi ta gefen fili ya nufi ƙofa, matarsa na biye da shi da ledar kyautar da aka ba su.