Daro Biyu na Shinkafa da Gonar Fadama

Shekarar da na so sayar da rabona na gonar fadama, a ita muka daina cin abinci kwano ɗaya da yayana. Ba wani babban abu ba ne ya haɗa mu, tsakuwar cikin shinkafa ce.

Tun bayan rasuwar mijina na koma gidanmu a wani ƙauye kusa da Tsiga, ina gumin shinkafa. In sayo shanshera, in turara, in shanya, in kai inji a ɓare, in auna wa mutane a gida, ranar kasuwa kuma in fita da daro. Shinkafata tana da daɗi, amma kamar ta kowa ce, sai mace ta zauna da faifai ta tsince ta kafin ta ɗora tukunya. Wata rana a Funtua na ga injin da ke raba shinkafa da tsakuwa. Na tsaya ina kallon duwatsu suna fita ta gefe guda, tsaba ta ɗaya gefen, har mai injin ya tambaye ni ko lafiya. Daga ranar na sa wa raina sai na mallaki irinsa.

Abin da nake da shi kaɗai shi ne rabona a gonar da mahaifinmu ya bari. Ba a raba ta ba, yayana ne ke noma ta duka, da kaka ya aiko mini da abin da ya ga dama. Na same shi a zaure yana gyaran galma na gaya masa.

Bai ɗago kai ba. Ya ce, “Wa zai saya?”

Na ce, “Kowa, Yaya. Na tambayi matan unguwa, duk sun ce in da za a samu marar tsakuwa, ko an ƙara kuɗi za su saya.”

“Sun ce. Wace ce a cikinsu ta kwance bakin zane ta ba ki ko sisi?”

“Ai babu injin tukuna.”

“To ki je ki sayar da ƙasar ubanmu saboda hirar mata a bakin rijiya. Ni dai ba da hannuna ba.”

Na san ba tausayina yake ji ba. In na sayar, gonar da yake ci shi kaɗai za ta ragu, kuma ba shi da kuɗin sayen rabona. Na faɗa masa haka a gabansa. Ya jefar da guduma ya ce in fita masa daga zaure. Amma tambayarsa ta tsaya mini a wuya, don gaskiya babu wadda ta ba ni komai sai baki.

Sai na yi dabara. Ba sai na mallaki inji ba kafin in sami shinkafa marar tsakuwa. Na ɗauki buhu ɗaya na kai Funtua, na biya mai injin ladan aikinsa, na dawo da ita tas. Na yi lissafin kuɗin mota da ladan inji da abin da awon ya ragu bayan an fitar da datti, na ɗora a kan kowace tiya, na ƙara 'yar riba. Ranar kasuwa na ajiye daro biyu gefe da gefe. Shinkafa iri ɗaya, gumi ɗaya, sai dai ɗaya tsintacciya ce kuma ta fi tsada. Na ce wa yayana ya zo ya gani da idonsa: in mai tsadar ta ƙare, ya sa hannu a sayar, in ta kwana, na bar maganar.

Matan layinmu na masu shinkafa ba su ji daɗi ba. Wadda ke kusa da ni, wata dattijuwa da ta girme ni a kasuwar, ta riƙa cewa da ƙarfi, “Yau kuma shinkafar Turawa aka kawo mana. Mu tamu ta talakawa ce, ku zo nan.” In mai saye ya tsaya gabana sai ta ja hannun rigarsa.

Duk da haka kafin la'asar daron mai tsada ya ƙare. Na riƙa kallon yayana yana tsaye can wajen masu taki, fuskarsa kamar an aiko masa da mutuwa. Na kife daron, na buga bayansa da tafin hannu don ya ji.

Washegari da hantsi ya shigo cikin gida ba sallama. Innarmu tana zaune tana kaɗa miya. Ya tsaya a tsakar gida ya ce, “Inna, nawa kika kashe jiya?”

Inna ta ci gaba da kaɗa miyarta, ni ina gefe.

“Ba ki faɗa mata ba? Ni in faɗa mata. Matar liman, da matar mai faci, da 'yar ƙanwarki, da mutanen gidan baya, duk da kuɗin tunkiyarki suka sayi shinkafar. Ga ta can a ɗakinki an juye a tulu.”

Na shiga ɗakin Inna na buɗe tulun. Shinkafata ce. Na fito.

Inna ta ce, “Na ga kin sa rai ne. Na ce kada ki ji kunya a gaban mutane.”

Na ce, “Yanzu fa, Inna? Wace kunya ce ta rage?”

Yayana ya yi dariya. Ya ce dama ya sani, da ni aka haɗa baki. Na rantse ban sani ba, ya ce rantsuwar mai son sayar da gado ba ta da nauyi. Na ce masa wanda ya shekara yana cin haƙƙin marayun ƙanwarsa ba shi da bakin maganar nauyi. Maƙwabta suka leƙo ta katanga. Bai bar maganar a gida ba, kafin yamma an san ta a masallaci da wajen mai shayi. Da kasuwa ta zagayo, dattijuwar nan ta tarbe ni da cewa, “Yau tunkiya nawa aka sayar?”

Na yi kwanaki ba na yi wa Inna magana sai gaisuwa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ta ɓata mini gwajin. Da na zauna na ware waɗanda ta aiko, sai na ga baƙin da suka sayi mai tsadar da kuɗinsu ba su da yawa: wata matar malamin makaranta da wata mai sayar da abinci. Sauran sun zo, sun damƙa, sun yaba, sun ce kai wannan ta yi kyau, sannan suka ce a auna musu mai arha. Wani ma ya ce mini yana da 'ya'ya mata a gida, me zai sa ya biya kuɗin tsinta.

Na sake gwadawa, wannan karon inda ba wanda ya san ni balle ya ji tausayina. Ban gaya wa kowa a gida ba. Na kai wani buhun Funtua aka gyara, na wuce da shi Malumfashi, na roƙi wata mai kayan miya ta ba ni gefen rumfarta. Nan ma daro biyu. Masu sayen na gida suka yi yadda na garinmu suka yi, sai ɗaiɗaiku masu albashi. Da na ga haka na ɗauki shinkafar na bi masu abinci a tasha da bakin asibiti. Su ne suka saurare ni, don su tsakuwa ɗaya a bakin direba tana kore musu ciniki, kuma suna biyan masu tsince musu.

Ban ba kowa kyauta ba, ban kuma rage farashi ba, don in na rage ban san abin da na gwada ba. Wata Hajiya mai tuwo da shinkafa a tasha ta ce, “Ki riƙa kawo mini duk mako, zan saya.”

Na ce, “Hajiya, in da gaske ne ki ba ni wani abu kafin alƙalami.”

Ta dube ni sama da ƙasa. “Ke daga ina? Ban san gidanku ba ki ce in ba ki kuɗi? Haka wasu suka zo da maganar taki suka kwashe na mutane.”

Na ce to ta sayi tiya biyu yanzu ta dafa, in na dawo mu yi magana. Ta saya tana mita. Da na dawo mako na gaba ita ta fara kirana, ta kuma ba da rabin kuɗin na gaba ba tare da na sake roƙo ba. Wasu biyu suka yi haka. Da yawa kuwa da suka yi mini alkawari da baki, da na zo sai suka ce ciniki ya yi ƙasa, ko in bari sai wani jiƙon.

Na yi ta zirga-zirgar nan har kaka ta wuce. Abin da na gani bai yi mini daɗi ba. Masu biya suna nan, kuma suna dawowa, amma duk abin da suke ɗauka a mako injin zai gama shi a wuni guda. Sauran kwanakin zai zauna yana tsatsa, ga mai, ga gyara, ga kuma masu sayen duk a birni suke ba a ƙauyenmu ba. Na tambayi matan layinmu ko za su riƙa kawo tasu a gyara musu in na sayi injin, na ce wadda ta yarda ta haɗa buhunta da nawa mu kai Funtua ta biya ladan ta gani. Ko ɗaya ba ta kawo ba. Ladan da nake ba mai injin Funtua ya fi mini sauƙi nesa ba kusa ba. Na haƙura da sayen inji.

Yayana ya ji labari, ya tare ni a ƙofar gida yana murmushi. “To, uwar 'yan kasuwa. Ba na gaya miki ba? Da yanzu kin mayar da gona ƙarfe.”

Na ce, “Ba ka gaya mini komai ba, Yaya. Zagina ka yi. Ni na hau mota, ni na biya, ni na gano. Kuma gonar ba zan sayar ba, amma a raba. Shinkafar da zan kai wa Hajiya a rabona zan noma ta.”

Murmushin ya ɗauke. Ya ce ba a isa ba. Na kai magana wurin mai unguwa, aka kira malamin da ya san rabon gado da dattawa, aka shiga fadama da igiya. Yayana ya yi ta gardama a kan kowace kunya, ya so a tura ni ɓangaren tudu inda ruwa ba ya zama, dattawa suka hana. Da aka kafa duwatsun iyaka ya ce daga yau ko shanunsa ba za su taka mini gona ba, in nemi mai huɗa in biya. Na ce na ji.

Haka nake biya har yau. Masu abincin da nake kai wa sun ɗan ƙaru, ɗaya ta koma wurin wani da ya fi ni arha. Inna ta cinye shinkafar tulun a hankali, ita kaɗai, don matar yayana ta ƙi dafa ta, ni ma na ƙi. Da damina ni da yayana muna aiki kusa da juna, yana jin tarina ina jin nasa. In ruwa ya yi yawa yakan fasa kunya da asuba ya turo mini, ni kuma in na zo in toshe in mayar masa.