Darasin Tamowa da Ɗiyar Ƙanwata Ba Ta Halarta Ba

Shekarar da ɗiyar ƙanwata ta haihu, tana karatun aikin jinya a Maraɗi. Ta dawo gida Madarunfa wankan jego, darasi ya wuce ta, jarrabawa kuma tana tafe. Mijinta, mai fataucin wake zuwa Najeriya, ya riga ya faɗa a gaban kowa cewa in ta faɗi bana karatun ya ƙare, ta zauna ta yi reno.

Wata ƙawarta ta ɗauki muryar mushe, wato malaminsu, da wayar salula tun daga farkon darasin har ƙarshe, ta sa na'ura ta mai da maganar rubutu, ta aiko duka biyun. Rubutun nan ba shi da kai ba shi da gindi. Gaisuwa, faɗan 'yan latti, labarin tafiyar mushe taro Yamai, duk an zuba su jere guda, ba a ma raba wanda ke magana. Sai aka aiko kirana, don na daɗe ina rubuta bayanin taro a meri, ofishin magajin gari, kafin in aje aiki.

Na tarar mijin ya riga ni. Yana zaune a zaure da takarda guda, yana fifita da ita.

"Kawu, ai an gama," ya ce. "Duk inda mushe ya ce madalla, na kwashe abin da ke gabansa. Abin da malami ya yaba ai shi ne karatu."

"Haka kake sayen wake, duk buhun da mai shi ya yaba?"

"Wake daban, boko daban."

Na karɓa na duba. Darasin a kan tamowa ne, da awon damtsen yara da ɗan zaren nan mai launi uku, ja da rawaya da kore. Mijin ya rubuta cewa tamowa mai tsanani ita ce in yaro ya rame ya ƙi cin tuwo. Ko tsohuwar da ke saida ƙuli a bakin tasha za ta ba da wannan amsa, ba a biya mata kuɗin lakkwal ta yi boko ba.

Na shiga ciki na zauna kusa da mai jego, na bi aikin yadda ake binsa. Da farko na saurari muryar duka ban rubuta komai ba. Sannan na koma kan rubutun ina sa alama, nan mushe ne, nan ɗalibi ne. A nan abin ya fito. Mushen nan in ya yi tambaya, kowace amsa aka ba shi sai ya ce madalla, wani kuma, don kada ya kunyata yaro a gaban 'yan uwansa. Duk abin da surukina ya tattara amsoshin ɗalibai ne, har da ta wani mai muryar barci. Bayan haka na share gaisuwa da labarin Yamai, na jera kanun darasin yadda suka zo: ire-iren tamowa, alamunta, awo, sai inda ake tura yaro. Ma'anar kowace kalma na ɗauke ta da Faransancin mushe ba ƙari, musamman inda ya sassauta murya ya maimaita don a rubuta.

Wuri guda ya gagara. Da ya zo kan iyakar awon, sai ya ce ga shi nan a tablo, ku kwafa. Ba abin da salula ta kama sai ƙarar alli a kan allo da tari. Na bar gurbin fili.

"Kawu, cika mini kawai," in ji ta. "Ina jin ja ɗin nan ƙasa da ɗari da ashirin da biyar ne."

"Ina jin ba amsa ba ce, 'yar nan. Kira ƙawarki ta ɗauko hoton kayenta, littafin da ta kwafa a ciki."

Mijin ya leƙo daga ƙofa. "Kawu ya wuni yana aiki, ya kawo takarda da rami."

"Taka ba rami, shirme ne ya cika ta."

Hoton ya iso bayan la'asar. Ga yaro ɗan wata shida zuwa hamsin da tara, ja shi ne ƙasa da milimita ɗari da sha biyar, tamowa mai tsanani ke nan. Daga nan zuwa ɗari da ashirin da biyar rawaya, matsakaiciya. Kumburin ƙafa biyu kuma mai tsanani ce ko awo ya nuna kore. Na cike gurbin, na sa ta karanta mini da ka, jaririya na tsotso, har ta daina haɗa ja da rawaya.

Ta je ta rubuta jarrabawa uwarta na riƙe da jaririyar a bakin makaranta. Ta ci, ba da rata mai yawa ba, amma ta wuce aji na gaba. Daga baya na ji mijin a kasuwa yana gaya wa direbobi cewa shi ya koya wa matarsa likitanci a zaure. Na sayi gishirina na wuce.