Alkawarin da Na Yi wa Manajan Bankin Masunta

A Haɗeja na taso, a gidan da ba a yarda da kuɗi ba. Kakata ta gaji labarin zamanin wuri daga mahaifiyarta: wai kowace shekara sai an ƙara tulin wurin da za a ba ka riyal guda na azurfa, har ya zamana jakin da ya ɗauko kuɗin ya fi kuɗin daraja. Mahaifina kuwa fataucin bandar kifi yake daga fadama zuwa Kano, kuma a idona abin da ya tara ya narke, bayan an saki kuɗinmu kasuwa ta riƙa yanka masa farashi. Bai yi asara a ciniki ba. Ajiya kawai ya yi.

Saboda haka da na karanci tattalin arziki na kama aiki a babban bankin ƙasa, sai na zama mai wa'azin tsari guda, har abokan aiki suka gaji da ni. Tsarin shi ne hukumar kuɗi. Doka ce ke ɗaure kuɗin ƙasa da dala a kan farashi ɗaya, kuma ba a fitar da takardar kuɗi ko guda sai akwai dalar da ta tsaya mata a ajiya. Duk wanda ya kawo takardar ya nemi dala, a ba shi. Gwamnati ba ta da ikon cewa a buga mata kuɗi ta toshe giɓi. Idan wani ya ce mini to wa zai ceci banki ran da jama'a suka yi masa ca, nakan ce bankin kirki ba ya buƙatar ceto. Ina da baki a lokacin.

Ana nan sai aka tura ni aiki na aro wata ƙaramar ƙasa ta bakin teku mai bin wannan tsari, a sashen kula da bankuna. Na tafi da murna. Farashin canji da na tarar ran da na sauka, shi na bari ran da na taho. Mata na ajiye kuɗin ƙasarsu a akwati ba fargaba, 'yan kasuwa na ba da bashi na shekara ba sa lissafin faɗuwa. Na rubuto wa abokaina wasiƙu masu cike da gori.

Cikin bankunan da aka ba ni akwai wani ƙarami da ake kira bankin masunta, don su ne yawancin masu hulɗa da shi. Manajan dattijo ne, shi ya kafa shi, mai son shayi da dogon bayani. Jininmu ya haɗu saboda na san kifi. Mukan ɓata rabin awa muna musu a kan tarwaɗar fadamarmu da kifin teku kafin a buɗe takardu. Takardun nasa kuwa tsaf suke, ni na bincika da hannuna.

Wata Litinin wani banki dabam ya rufe, kuma ya cancanci rufewa. Amma tsoro ba ya karanta takardu. Kafin azahar layi ya miƙe a ƙofar kowane ƙaramin banki. Dattijon ya kira ni a waya, muryarsa ƙalau.

“Malam, kuɗin mutane na wurin mutane. Suna cikin jirage da injina da raga. Sai kakar kamun kifi ta kama za su dawo. Abin da ke hannuna zai kai ni Laraba.”

Na ce, “Baba, kada ka damu. Kawo takardun bashinka masu kyau da na lamunin gwamnati gobe da safe, a ba ka rance a kansu.”

Ban yi tunani ba. Shekara da shekaru abin da hannuna ya saba ke nan a gida: banki mai lafiya ya shiga matsi, ya kawo jingina, a ba shi rance da ruwa mai ɗan tsada, layi ya watse. Ni da nake yi wa mutane lacca a kan bambancin tsarin biyu, ni ne bakina ya manta ƙasar da yake. Shi kuma dattijon ya fi ni sanin dokar ƙasarsa, amma ya ɗauka na san wata ƙofa da bai sani ba. Ya fita ya tsaya a gaban layin, ya rantse musu cewa hukuma ta tsaya masa. Wasu suka koma gida a kan maganarsa.

Washegari na shiga ofishin shugabar hukumar da fayil a hannu. Mace ce marar yawan magana. Ta duba takardun ta ce masu kyau ne, sannan ta turo mini su.

“Da me zan ba shi?”

Na ce jinginar ta fi ƙarfin rancen.

“Jinginar ai da kuɗin ƙasarmu aka rubuta ta. Ka kawo mini dala, in fitar maka da takarda yanzu.”

Na ce ai akwai rarar dala da ta haura abin da doka ta ce a ajiye. Ta ce akwai, kuma ta nuna mini. Rarar ba ta kai ta ceci bankin masunta shi kaɗai ba, ga wasu uku a bayansa. Ƙari a kan haka, masu cire kuɗi suna wucewa kai tsaye su canza su zuwa dala, kuma duk takardar da ta dawo hannun hukuma ta fita daga kasuwa ke nan. Kuɗi na ƙara wuya, ruwan rance tsakanin bankuna ya haura sama, manyan bankuna kowa ya riƙe nasa.

“Ran da na fitar da takarda ɗaya ba dala a bayanta,” in ji ta, “layin zai bar ƙofarsa ya dawo tawa. Kai ma ka sani.”

Na sani. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan, don ba ta faɗi kalma ɗaya da ban taɓa faɗa wa wani ba. A gida da an ba shi, a bar kuɗin ƙasa ya sha wuyar a kasuwar canji, kowa ya biya kaɗan-kaɗan a farashin shinkafa ba tare da ya san ya biya ba. A nan mutum ɗaya da masu ajiyarsa za su biya, kuma da rana tsaka.

Mun gwada ma'aikatar kuɗi, suka ce sai majalisa ta zauna. Mun gwada wani babban bankin waje, suka ce sai hedikwatarsu ta amsa. Laraba ba ta jira kowa ba.

Ni na je na gaya masa. Ya saurara har na gama, ya zuba mini shayi, ya tambaye ni ko an yi ruwa a garinmu bana. Daga nan ya gyara hularsa ya fita wurin mutanen da ya mayar gida ranar Litinin. Ina tsaye daga ciki ina ji. Ya ce musu shi ya yi kuskuren fahimta, su yafe masa. Bai ambaci sunana ba. Wata tsohuwa ta tofar da yawu a gabansa. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, amma ban fita ba.

Farashin canji bai motsa ba ko kaɗan, kuma jaridu sun yaba wa hukumar. Bankin kuwa aka miƙa shi ga masu karɓar bashi, su tattaro abin da yake bin mutane su biya masu ajiya.

Bayan na dawo gida da daɗewa, wani ambulan ya iske ni a Haɗeja, da rubutun hannun dattijon a bayansa. Rahoton ƙarshe ne na masu karɓar bashin. Masunta sun biya, an mayar wa kowane mai ajiya kuɗinsa cif, har da ragowa. Na zazzage ambulan ɗin, na leƙa ciki ko akwai wasiƙa. Babu.