Yadda bara ta ci mini gwiwa

Assalamu alaikum. Kusan shekara biyu ban ce uffan a shafin nan ba. Masu tambayar ina Rabi mai ƙuli-ƙuli ta Kore Mairuwa ta shige, yau ga amsarku.

Ƙaya ce ta soke ni a tafin ƙafar hagu a gonar gyaɗa. Ban ma ji zafi ba. Bayan sati biyu ƙafar ta kumbura, yatsu suka yi baƙi, ɗakina ya ɗauki wari.

A asibitin Dogon Dutsi aka ɗebi jinina, aka ce ciwon suga ne, ya daɗe a jikina. Lokotoro ya ce ko ƙafar ko raina.

Aka yanke ƙasa da gwiwa. Ya ce in kula da dungun, don mai gwiwa ba ya shan wahalar ƙafar roba.

Injin niƙana ya tafi a kuɗin aiki da magani. Mijina ya rasu tun tuni, ƴaƴa uku, ga allurar suga kullum. Wana Idi ya ba mu ɗaki a gidansa, amma rumbunsa bai kai damina ba. Matarsa ce ta fara faɗa, kanta a ƙasa: masu irin lalurata suna samun na cefane a bakin titi.

Bara ma da tsarinta. Kowa da wurinsa, kuma shugaban guragu ne ke nuna wa baƙo inda zai zauna. Bakin masallacin Juma'a na tsofaffin hannu ne. Ni aka ajiye ni inda motocin Yamai ke tsayawa, gefen wata dattijuwa, Inna Hajo, wadda shan inna ya naƙasa tun tana ƙarama.

Kwana uku ina rufe fuska da mayafi, ina komawa gida hannu wofi. Rana ta huɗu Inna Hajo ta dubi bandejina ta ce, “Ɗiyata, matafiyi ba shi da lokacin tunani. Abin da idonshi ya gani shi ka buɗe aljihunshi. Kwance.”

Na kwance bandejin.

Ranar muka ci tuwo da nama. Daga nan kullum dungun a buɗe, ƙuda na bi. Na daina zuwa wankin ciwo, don ranar wankin ta faɗo ranar kasuwa, ranar da aka fi samu. Abin da aka miƙo shi nake ci, har lemun kwalba.

Wata na biyu zazzaɓi ya kayar da ni a bakin titin. Na farka a gadon asibiti, ruɓa ta haura. Lokotoron bai yi mini faɗa ba. Ya ce kawai, “Hajiya, wannan karon sama da gwiwa ne.”

Na juya fuskata ga bango.

A nan Malama Zali ta same ni, a kan kekenta mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu. Ita ke jagorantar ƙungiyar mata naƙasassu ta garin. Ba ta ce Allah sarki ba, sai ta tambaye ni me hannuna ya iya. Na ce gyaɗa.

Da aka sallame ni, matan suka ba ni ɗibar farko ta adashinsu, na sayi gyaɗa. Limamin unguwarmu ya yi magana bayan sallar La'asar, aka haɗa mini keke. Wani maƙeri ya yi mini murhu gajere da zan iya suya a zaune. Mai shagon bakin tasha ya yarda ya ajiye kwalaben maina na gyaɗa.

Abin bai zo da sauƙi ba. Watan farko riba ba ta kai rabin abin da bara ke kawowa ba, gidan Idi aka yi ta tsaki. Wasu kuma su ajiye kuɗi a farantina su wuce ba su ɗauki ƙuli ba. Nakan bi su da keke har sai sun karɓa.

Yanzu dungun ya rufe, suga ya daidaita, yarana na zuwa lakwal karatun boko. Ƙafar roba kuwa sai an je Yamai, kuma ta marar gwiwa ta fi tsada da nauyi. Ban samu ba tukuna.

Inna Hajo na nan bakin titi. Sau biyu ni da Malama Zali muna zuwa roƙonta ta bar bara. Ta ce mutum tara ke ci daga kwanonta, wa zai ba su hatsin wata uku kafin sana'a ta kama?

Na gode wa Allah, na gode wa ma'aikatan asibiti, da matan ƙungiya, da Idi da ya riƙe ƴaƴana.

Mai ciwon suga, duba tafin ƙafarka kowace safiya, kada ka taka ƙasa ba takalmi. Wanda aka yi wa aiki, kada ya tsallake wankin ciwo ko sau ɗaya.

Dangi, ku nemi ƙungiyar naƙasassu tun mutum yana gadon asibiti, kuma ku ɗauke masa ciyarwar watannin farko.

Ku kuma masu wucewa, in kun ga gurguwa da farantin kaya, ku tsaya ku taya, ku yi ciniki, ku karɓi canjinku.