Layin da Chaibou bai ja ba

Ni Fulera, dusa da harawa nake sayarwa a unguwar Dagmanet, kuma ban taɓa ganin mai tsare rubutu kamar maƙwabcina Chaibou ba. Karatun lekwal da ya yi bai wuce shekara biyar ba, amma kayensa, littafin da yake rubuta lissafin awaki, ko malamin dabbobi sai ya jinjina masa. Layi uku ya ja a kowane shafi: haihuwa, magani, saidawa. Akuya ta haihu, ya rubuta rana da sunan uwar. Aka yi allura ko aka ba da maganin tsutsa, ya rubuta kuɗin. In kana son ɓata yininka, tambaye shi lafiyar garke, sai ya karanto maka har jikokin akuyarsa Jar Kunne.

Awakin ba nasa ba ne shi kaɗai. Ƙanensa Hamidu ya saya da kuɗin haƙar zinariya a Tchibarakaten, don ranar da zai bar rami ya sami abin dogara. Kowane wata Hamidu kan aiko mini jika ashirin na sefa kai tsaye, ni kuma in auna wa awaki abinci. Kuɗin ba su taɓa bi ta hannun Chaibou ba, shi ya sa ba su taɓa shiga kaye ba. Duk ƙarshen shekara sai ya cire kuɗin magani daga na saidawa, ya buga wa ƙanensa waya: "Riba muke ci, ka ƙara haƙuri." Hamidu ya yi ta ƙarawa har shekara huɗu.

Bara aka dawo da shi a bayan mota, ƙirji ya lalace, ko guga ba ya iya ja. Aike ya tsaya. Watan farko Chaibou ya sayar da bunsuru don ciyar da sauran, na biyu ya sayar da akuya mai ciki. A na uku ya zo rumfata da kaye, ya zauna ƙasa.

"Hajiya, nawa awakin nan suka ci tun farko?"

Na ce jika ɗari tara da sittin. Ribar da ya tara a rubuce kuwa ɗari huɗu ce. Ya yi lissafin sau biyu.

Wallahi na ji kunya. Tuntuni na san garke a tsakiyar gari, ba kiwon daji, ba ya biyan bakinsa. Na yi shiru don babu mai saye kamarsu.

"Da na rubuta kuɗin abinci tun shekarar farko, da na ce wa Hamidu ya dawo gida," in ji shi.

Ranar kasuwa ya kora sauran duka wurin dillali. Hamidu na kwance a zaure suka wuce ta gabansa. Ya ɗaga kai da ƙyar, ya ce, "Yaya, rara kake saidawa ko?"

Chaibou ya ce masa i.