Lambar da Na Bayar a Matsayin Misali

Bayan na yi ritaya daga koyarwa, abin da ya rage mini na mulki shi ne gidan haya guda a Wurno. Mutum uku ke ciki: wata ma'aikaciyar jinya Kirista daga kudancin Kaduna, wani malamin lissafi da iyalinsa, da wani tela ɗan Achida. Ƙofar shiga ɗaya ce, kuma kullum rigimar makulli ake yi, wannan ya ɓatar, wancan ya tafi da shi Sakkwato. Sai ɗiyata ta aiko da kwaɗon zamani mai lambobi, aka kafa, aka sa mini manhajarsa a waya.

Na zauna na rubuta wa 'yan haya wasiƙa. Na daɗe ban samu ɗalibai ba, don haka na saki alƙalami. Na bayyana cewa kowa da lambarsa, wadda zan ba shi a 'yar takarda daban. Ka taɓa allon kwaɗon ya yi haske, ka danna lambarka, ka danna maɓallin ƙarshe, ƙofa ta buɗe, in ta rufe kuma ta kulle kanta. Daga ciki ba a bukatar lamba. Da batir yake aiki, ba ruwansa da ɗauke wuta, kuma yana ƙara in batirin ya yi rauni. Wanda ya yi ta danna kuskure, allon zai ƙi shi na ɗan lokaci. Na ja layi biyu ƙarƙashin gargaɗin kada kowa ya ba wani lambarsa, domin kwaɗon yana ajiye bayanin lambar da ta buɗe shi da lokacin.

Malami ba ya bayani babu misali. Na rubuta misalin lamba da manyan haruffa a tsakiyar shafin farko. Lambar da ta zo mini a kai ita ce tawa ta gaske. Har na liƙa kwafi a zaure.

Bayan wasu makonni na ga mai ruwa ya tura kurarsa, ya danna, ya shige kamar gidan ubansa. Washegari mai fura ta yi haka. Na matsa kusa da ƙofa, wayata ta ɗauko bayanin, ina shirin kama mai laifi. Sunana kawai na gani tun daga sama har ƙasa. Na ɗauka wani ne ya leƙi hannuna ya sace lambar. Cikin fushi na goge ta, na sa wata, ban gaya wa kowa ba, na hau mota zuwa Goronyo wajen ɗaurin aure.

Ana raba goro telan ya kira. Ya ce duk suna waje, ƙofa ta ƙi, iyalin malamin ma sun fita unguwa, babu mai buɗewa daga ciki. Na ce kowa ya danna tasa lambar.

Ya ce, "Wace tamu, Baba? Ai wadda kuka rubuta muke dannawa."

Ban tsaya cin abinci ba. Babu mota, sai babur ɗin kabu-kabu na hau, babbar riga tana kumbura a bayana, rana tana dukan ƙeya. Na same su a gindin dogon yaro. Ma'aikaciyar jinyar ta taso daga aiki, tana zaune kan bulo da takalminta a hannu. Telan ya rungume yadin wata amarya. Na buɗe da waya, sannan na fara faɗa a kan mutanen da ba su karanta abin da aka rubuta musu.

Suka bar ni na gama. Ma'aikaciyar jinyar ce ta shiga zaure, ta ɗora yatsa kan misalin, ta ce da ta gwada ta ga ya buɗe, sai ta zaci 'yar takardar ta ajiya ce kawai. Mai ruwa kuwa a bango ya karanta, ba wanda ya ba shi.

Malamin lissafi ya juya shafin wasiƙar cikin ladabi. Ya tambaya ko ba ni na rubuta cewa maigida na iya haɗa lambar baƙo ta ɗan lokaci a wayarsa daga ko'ina, ya aiko ta saƙo ba.

Na ce, "Mi? A ina?"

Ya nuna mini. Rubutuna ne, har da wani kyakkyawan salo da na yi alfahari da shi lokacin. Daga takardar kamfanin na fassaro shi, ban taɓa gwadawa ba.

Da la'asar na sake ba kowa lambarsa, na tsaya sai da kowa ya buɗe da hannunsa. Telan ya ce zai gyara mini hannun rigar da ya yage a kan babur. Da na isa gida matata ta tambayi ina naman ɗaurin aure. Na ce mata labarin yana da tsawo, ta fara ba ni ruwa.