Biro a Kan Wasiƙar Kakanmu

Yayar mahaifina, wadda muke kira Gwaggo, tana zaune a Tozai, kuma ita ke riƙe da gafakar gidanmu. Tsohuwar jakar fata ce, ba komai ciki sai takarda guda da aka naɗe cikin ƙyalle. Tun muna yara muke jin labarinta. Da masu jihadi suka ci Alkalawa, kakanninmu biyu, wa da ƙane, suka rabu. Ƙanen ya zauna ya yi mubaya'a, mu ne jikokinsa. Wan ya ƙi, ya bi Gobirawan da suka yi arewa suka ci gaba da yaƙi. Daga can ya aiko da wasiƙar nan. Gwaggo ba ta da wani buri a duniya irin ta san garin da ya sauka, ta je ta ga jininmu kafin ta mutu.

Lokacin ina koyar da Larabci a makarantar gwamnati a Sabon Birni, ga babur sabo, ga girman kai. Da ta miƙo mini gafakar na ce mata mako guda ya ishe ni.

Ta ce, "Kai dai yi a hankali, ɗana. Ta girmi ubanka."

Na buɗe takardar a gida. Gara ta ci gefe guda, ruwa ya taɓa ƙasanta, tawadar ta koma ruwan ƙasa kamar shayin da aka tsinka. Larabci ne, amma ba irin na littattafan da na karanta ba. Rubutun malamanmu na dā ne, ɗigon fa a ƙasa, ƙaf da ɗigo guda a sama, kalmomi sun hau juna, babu wasali ko ɗaya. Sunayen mutane da garuruwa kuwa na Hausa ne da aka rubuta yadda marubucin ya ga dama. Kwana uku ina fama, ban wuce basmala da gaisuwa ba.

Dole na haɗiye girman kaina na tafi Isa wajen wani tsohon malami, wanda gidansu suka gaji karatun irin waɗannan takardu. Bai kai hannu gare ta ba sai da ya goge tafinsa a riga. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a ƙofar zaure da hantsi, ya karkata takardar yadda rana za ta bugo ta daga gefe. Sai ga sawun alƙalamin kara ya fito a wuraren da na ɗauka fili ne. Yana karantawa, ina juyawa zuwa Hausa a littafina. Inda bai gani ba sai ya ce, "Bar gurbi." Ni kuwa gurbin nan haushi yake ba ni.

A hantsi huɗu muka sami yawancinta. Wan yana gaida ƙanensa, yana cewa bai riƙe shi a zuciya ba don ya zauna. Ya ce matarsa ta haihu a hanya, ya sa wa ɗan sunan ƙanen. Sai layi na tara: "Mun sauka a...", nan kuma tawada ta gudu, sai 'yan ƙusoshin haruffa da wata jela a ƙarshe.

Malam ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Akwai shi, bai tahi duka ba. Amma idona ya gaji, kuma damina ta jiƙa takarda. Ka bari kaka ta yi, ta bushe. Akwai wasu takardun zamanin a ɗakin yayana, za ni gwada hannu da hannu, in ga yadda suka saba rubuta garuruwan can."

Na ce, "Allah gafarta Malam, ai Tibiri ne. Ina Gobirawa suka nufa in ba can ba?"

Ya ce, "Wataƙila. Ni dai ban gani ba tukuna."

Wata uku ke nan yake nufi. Gwaggo kuwa duk ranar kasuwa sai ta aiko a tambaye ni. Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata tsofaffin nan jan rai ne kawai sana'arsu. Bayan wata biyu, wata Asabar da safe na fito da takardar, na karkata ta a rana yadda na ga ya yi. Wallahi na ga Tibiri. Ido yana ganin abin da zuciya ta riga ta faɗa masa. Don kada ya sake ɓace mini, na ɗauki baƙin biro na bi ta kan ƙusoshin nan a hankali, na haɗa su, na ɗora ɗigo inda ya kamata. Har na ji daɗin yadda ya fito raɗau.

Da na kai wa Gwaggo takardar na ce mata Tibiri ne, ta yi ta shi mini albarka har na ji kunya. Ta daka dakuwa, ta ƙulla daddawa da kuka, ta sa zanenta na sallah, ta bi motar 'yan kasuwa ta ƙetara iyaka zuwa Tibiri. Kwananta tara. Ta dawo da ƙullin tsarabar yadda ta tafi da shi. An karɓe ta da mutunci, an kai ta wajen tsofaffi gida gida, suka dubi zanen fuskarta suka ce Bagobira ce ba shakka, amma babu wanda ya taɓa jin sunan kakanmu.

Ba ta yi mini faɗa ba. Cewa ta yi, "Kaka ta yi. Mai da ita ga Malam, ko akwai wani abu da ya rage."

Na tarar da shi ya shirya, ga takardun yayansa a gefe, an danne da ɗan dutse. Ya karkata wasiƙar a rana. Na ga hannunsa ya tsaya. Ya juya ta baya, inda bakin biron ya huda takardar wuri biyu, ya sake juyo ta.

"Wa ya yi wanga aiki?"

Na ce ni ne, don in taimaka.

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce alƙalamin kara shafar takarda yake yi, biro kuwa noma yake yi a cikinta. Sawun da yake jira ya gani, na bi na turmushe shi.

Na ce, "Amma daidai na rubuta, ko?"

Ya ce, "Ban sani ba, ba kuma wanda za shi ƙara sani. Layi takwas kakanka na karanta. Na taran, kai nike karantawa."

Daga Isa zuwa Tozai ba nisa, amma sai da na tsaya sau biyu a hanya, ba don babur ya lalace ba. Na sami Gwaggo tana sussukar gero a tsakar gida, na durƙusa na faɗa mata komai. Ta ajiye taɓarya, ta karɓi takardar, ta dubi baƙin layin nan, ita da ba ta karatu.

Ta ce, "Ashe nan ne aka ɓata. Ni ko da na ga ya hi sauran haske, cewa na yi Allah ne ya tsare mini shi."

Ta naɗe ta cikin ƙyallen. Damina biyu bayan haka ta rasu, ba ta sake tambayar garin ba. Gafakar tana hannuna yanzu. Duk wanda na buɗe wa ita cikin dangi, layi na tara yake fara nunawa, don shi kaɗai ke karantuwa.